Takardar Cikin Gida: Fitar da Ranakun Hutun Rashin Lafiya na 2024 daga Fayilolin Ma'aikata

Daga: Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata
Zuwa ga: Malam Sani, Akawun Fayiloli
Kwanan wata: Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Malam Sani, barka da aiki.

Sashen albashi na so ya rufe lissafin bara, kuma ba zai iya ba sai mun ba shi adadin kwanakin da kowane ma'aikaci ya yi a hutun rashin lafiya. Fayiloli 86 ne. Ina so ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka kawo mini jadawalin ranar Juma'a, 24 ga wata.

Abin da kundin sharuɗɗan aikinmu ya tanada ka san shi, amma bari in maimaita don mu tsaya a kan magana ɗaya. Daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba, ma'aikaci na da kwana 20 na aiki da cikakken albashi, sai wasu 20 da rabin albashi. Rashin lafiyar da ba ta wuce kwana biyu ba, fam ɗin da mutum ya cike da hannunsa ya isa. Daga kwana na uku sai da takardar likita. Wanda ya kama aiki a tsakiyar shekara, gwargwadon watanninsa za a ba shi: mai fayil 071 da ya fara ranar 1 ga Yuli yana da 10 da 10.

Shafi biyu za ka buɗe a Excel, kada ka haɗa su tun farko. Na ɗaya na takardun likita ne da fam-fam, wato abin da takarda ta ce. Na biyu kuma ranakun da rajistar zuwa aiki ta nuna mutum bai zo ba. Sai ka gama su duka biyu sannan a jera su kusa da juna. In ka cike ɗaya kana leƙen ɗayan, hannunka zai riƙa daidaita su ba ka sani ba, alhali saɓanin da ke tsakaninsu shi muke nema.

A shafin takardu, kowace takarda layinta daban. Gidan A lambar fayil, B irin takardar, C ranar da aka rubuta ta, D ranar da hutun ya fara, E ranar da ya ƙare, F kwanakin aiki, G abin lura. Sunan mutum ba ya shiga, sunan ciwo kuma ko kusa. Za ka ci karo da abubuwan da masu su ba su gaya wa ko abokan zamansu na ofis ba; idonka ya gani, bakinka ya yi shiru. Kada ka ɗauki hoton takarda da waya, kuma fayil ba ya kwana a kan tebur.

Na ɗan duba wasu fayiloli ranar Alhamis, ga inda na ga za a iya tuntuɓe.

Ranar da likita ya sa hannu daban take da ranar da hutu ya fara. Dubi fayil 014. Rajista ta nuna ba ta zo ba tun Litinin, 8 ga Yuli. Sai Laraba, 10 ga wata, ta ga likita, shi kuma abin da ya rubuta kawai shi ne ta huta kwana biyar. Bai faɗi daga yaushe ba. A irin wannan, ka ƙirga daga ranar sa hannu, kuma ka tuna likita da Asabar da Lahadi yake ƙirgawa: 10 zuwa 14 ga wata ke nan, wanda a wurinmu kwana uku ne na aiki. Ranakun 8 da 9 akwai fam ɗinta a fayil, ba matsala. Amma ba ta dawo ba sai Laraba, 17 ga wata. To, 15 da 16 fa? Babu takardar da ta rufe su. Ka rubuta hakan a gidan G, ka wuce. Wataƙila akwai takarda ta biyu da ta maƙale a aljihun teburin shugaban sashenta, don wannan ya sha faruwa, kuma ni zan tambaya.

Sai takardun da suka hau kan juna. Fayil 039 na da biyu: ɗaya daga 4 zuwa 8 ga Maris, ɗayar daga 7 zuwa 15 ga Maris, saboda ya koma asibiti kafin ta farko ta ƙare. In ka tara su yadda suke za ka samu 12. Kwana 10 ya yi a gida. Ka matsar da farkon ta biyu zuwa 11 ga wata, ka rubuta ainihin ranar a gidan G. Kwana biyu kamar ba komai ba ne, amma wannan bawan Allah jimillarsa ta shekara 19 ce. Da kuskuren sai ta zama 21, a yanke masa rabin albashin yini a kan laifin da ba nasa ba.

Hutun da ya tsallako daga 2023, kamar na fayil 052 daga 27 ga Disamba zuwa 5 ga Janairu, ɓangaren 2024 kaɗai za ka ɗauka. Tun da 1 ga Janairu tana cikin jerin ranakun hutunmu, kwana huɗu ne.

Hutun haihuwa da raunin da aka ji a bakin aiki ba sa cikin wannan lissafi, ko da takardar likita ce ta zo da su. Ka ware su a shafi na uku.

Wajen shigar da kwanan wata, ka rubuta shekara, wata, rana, misali 2024-06-03. Wasu takardun an rubuta 03/06/2024, kuma kwamfuta na iya karanta shi 6 ga Maris maimakon 3 ga Yuni. In ka yi kokwanto, rajista za ta raba gardama. Ka zuba ranakun hutun ofis a shafi mai suna Hutu, daga A2 zuwa ƙasa, sannan a gidan F ka sa:

```
=NETWORKDAYS(D2,E2,Hutu!$A$2:$A$20)
```

Wannan yana ƙirga ranar farko da ta ƙarshe duka, yana cire Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Jimillar kowane mutum kuma, a gidan H:

```
=SUMIFS(F:F,A:A,A2)
```

Masu gadi da direbobi shida da ke aikin karɓa-karɓa, wannan lissafin ba zai yi musu daidai ba, don ranakun hutunsu ba Asabar da Lahadi ba ne. Nasu ka ƙirga da hannu daga jadawalin aikinsu, ka nuna mini kafin ka shigar.

A shafin ƙarshe, layi ɗaya ga kowane fayil: kwanakin da rajista ta nuna, kwanakin da takarda ta rufe, bambancinsu, haƙƙinsa na shekara, da abin da ya rage ko ya haura. Inda likita ya ba mutum kwana bakwai ya dawo bayan huɗu, huɗun da ya yi a gida za a cire masa. Duk wanda ya kai 18 zuwa sama, ka sake ɗauko fayil ɗinsa ka ƙirga a karo na biyu da kalanda a gabanka.

Takardar da ba ta da hatimi, ko aka goge kwanan wata aka sake rubutawa, ko rubutun ya ƙi karantuwa, kada ka yi hasashe, kada kuma ka kira mai ita ko asibitin. Ka sa mata alama ka kawo mini. Haka nan in wani ya tare ka yana tambayar kwana nawa ya rage masa, ka turo shi ofishina.

Ka sa wa jadawalin kalmar sirri, ka ajiye shi a ma'ajiyar sashenmu kawai. Sashen albashi lambar fayil da adadin kwanaki za su samu, ni zan tura musu bayan na sa hannu. Mukullin kabad yana wurina. Ka karɓi fayil goma-goma, ka sa hannu a littafi, ka dawo da su kafin a tashi. Ka kawo mini goman farko gobe da rana mu duba tare kafin ka yi nisa.

Na gode, Allah ya taimaka.

Shugabar Sashen Kula da Ma'aikata