Dalilin da ya sa jijiyoyin huhu ke tsukewa inda na jiki ke buɗewa

Idan tsokar ƙafa ta yi ƙarancin iskar oksijin, jijiyoyin jininta buɗewa suke yi. Idan kuma wani sashe na huhu ya yi ƙarancinta, nasa jijiyoyin tsukewa suke yi. Ɗalibai kan ɗauka saɓani ne, alhali bambancin a wurin aiki yake: tsoka cin oksijin take yi, shi kuwa huhu wurin lodinta ne.

Tsokar da ke aiki takan tara adinosin, iskar kabon da asid, sannan ATP, sinadarin da ke ba ƙwaya kuzari, ya ragu a ƙwayoyinta. Sai ƙofofin fotashiyam masu lura da ATP su buɗe a bangon jijiya, kalsiyam mai shiga ya ragu, bangon ya saki. Jinin da ya ƙaru yana ɗauke da abin da tsokar ke nema, don haka buɗewar ta biya buƙata.

A huhu lamarin a juye yake. Jinin da ɓangaren dama na zuciya ke turowa ya riga ya sauke kayansa, matsin oksijin a cikinsa kamar 40 mmHg ne. Ya zo ne ya ɗauka daga ƙananan buhunan iska, inda matsin yake kusan 100 mmHg. To a ce majina ta toshe bututun iska na wani sashe. Jinin da ya bi ta can zai fita yadda ya shiga, ya gauraya da wanda ya ɗauki oksijin, ya rage wa jiki duka. Ƙara wa wannan sashe jini ƙara ɓarna ne. Saboda haka ƙananan jijiyoyin da ke shiga wurin sai su tsuke, jinin ya karkata zuwa inda iska ke shiga sosai. Masana biyu 'yan Sweden, Von Euler da Liljestrand, ne suka bayyana wannan a 1946, bayan gwaji a kan kyanwa.

Abin da jijiyar ke ji shi ne oksijin ɗin buhunan iska da ke kewaye da ita, fiye da na jinin da ke cikinta. Tsukewar kan bayyana idan matsin ya sauka ƙasa da kamar 70 mmHg. Ƙwayoyin tsokar bangon su da kansu suke gane ragin, ba sai ƙwaƙwalwa ta ba da umarni ba. Shi ya sa huhun da aka dasa wa mutum ma yana yin haka. A nan ƙofofin fotashiyam rufewa suke yi, cajin lantarkin ƙwayar ya sauya, ƙofofin kalsiyam su buɗe, tsokar ta ɗaure. Yana farawa cikin daƙiƙoƙi, ya yi ƙarfi cikin mintoci, idan kuma ƙarancin ya daɗe ya ci gaba da ƙaruwa na sa'o'i.

Ɗan tayi ma da wannan yake rayuwa: huhunsa ba iska, jijiyoyinsa a tsuke, yawancin jini na kauce wa huhun. Numfashin farko ne ke buɗe su.

Dabarar tana da amfani ne muddin matsalar ta tsaya a sashe guda. Idan huhu gaba ɗaya ya rasa oksijin, babu inda za a karkatar da jini, duk jijiyoyin sun tsuke tare. Matsakaicin matsin jini a jijiyar huhu kamar 14 mmHg ne, kuma ana ɗaukar sama da 20 a matsayin hawan jinin huhu. Ɓangaren dama na zuciya bangonsa siriri ne, ba a yi shi don tura jini da ƙarfi ba. A wurin mai daɗaɗɗen ciwon toshewar huhu sai ya yi kauri, daga baya ya gaza, ƙafafu su kumbura. Wanda ya hau tsauni da sauri sama da mita 2,500 kuwa, tsukewar ba ta zuwa daidai ko'ina: wuraren da ba su tsuke ba sai matsi ya yi musu yawa, ruwa ya tsattsafo cikin buhunan iska. Maganin farko a sauko, a ba da oksijin. Nifedifin na taimakawa wajen sassauta jijiyoyin.

A gefen gadon majiyyaci ma akwai abin lura. Magungunan buɗe jijiya da ake sawa ta jini, irin su naitirogilisarin, ba sa zaɓe, har sashen da ya toshe suke buɗewa, sai a ga oksijin ɗin jini ya faɗi. Naitirik oksaid da ake shaƙa kuwa inda iska ke kaiwa kaɗai yake isa. Haka nan idan aka cika wa mai toshewar huhu oksijin, tsukewar ta saki a sassan da ba sa fitar da iska da kyau, iskar kabon ta taru a jininsa. Wannan na cikin dalilan da ake riƙe ma'aunin oksijin ɗin jininsa tsakanin kashi 88 da 92 cikin ɗari.