Roƙon a sake yi mini bayanin darasin mol da Hausa

Assalamu alaikum Malam,

Da fatan Malam yana lafiya, ya aiki, ya iyali? Allah ya taimaka.

Sunana Fa'iza, ɗaya daga cikin ɗalibanka 'yan aji ɗaya da ke ɗaukar darasin kimiyyar sinadarai ranar Talata da safe. Na daɗe ina son in same ka bayan lacca, amma kullum ɗalibai sun kewaye ka, ni kuma kunya ta hana ni yin tambaya a gaban mutane. Shi ya sa na rubuto.

Malam, darasin mol ne ya tsaya mini a wuya, musamman laccar makon jiya, inda ka yi bayanin sinadarin da ke fara ƙarewa idan an haɗa biyu. Ba rashin karatu ba ne. Na haddace cewa mol ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyi 6.022 × 10²³, wato lambar Avogadro, na kuma haddace n = m/M. Idan aka ce in rubuta su, zan rubuta ba kuskure. Amma da zarar an ba ni tambaya sai in rasa ta inda zan kama.

Ga misalin da ka ba mu a allo:

2H₂ + O₂ → 2H₂O

Ka ce an haɗa giram 4 na haidirojin da giram 16 na oksijin, wanne zai fara ƙarewa, kuma ruwa nawa za a samu? Nan take zuciyata ta ce haidirojin, tunda 4 bai kai 16 ba. Da na zauna lissafi a ɗaki, sai na raba 16 da 16 na sami mol 1 na oksijin, na raba 4 da 2 na sami mol 2 na haidirojin, na ce to sun yi daidai, babu mai ragowa. Amsata ta fito giram 36 na ruwa. Sai na tsaya ina kallon takardar: giram 20 kacal aka zuba, ta ina 36 zai fito? Na san na yi kuskure, amma na kusa awa biyu ban gano inda yake ba.

Washegari wata abokiyar karatuna ta nuna mini cewa da 32 ya kamata in raba, domin O₂ atom biyu ne a haɗe. Hakan ya ba da rabin mol na oksijin, ruwa ya zama giram 18, haidirojin giram 2 ya rage. Lissafin ya zauna, 18 da 2 sun cika 20. To amma Malam, amsar kawai na karɓa, dalilin bai shige ni ba. Me ya sa lambar 2 da ke gaban H₂ take ƙirga mol ba giram ba? Me ya sa abin da ya fi nauyi shi ne ya fara ƙarewa? Kuma yaushe ake ɗaukar 16, yaushe ake ɗaukar 32? Idan aka sauya sinadaran a jarrabawa, na tabbata zan sake faɗawa ramin nan.

Gaskiyar magana, Turancin ne ke yi mini shamaki. A sakandare yawancin malamanmu sukan karanta da Turanci sannan su warware da Hausa, da haka na taso. Yanzu a lacca, kafin in gama juya jimla ɗaya a kaina an wuce uku. Akwai ranar da wani ya yi maka tambaya a bakin ƙofa, ka amsa masa da Hausa a kan daidaita lissafin haɗuwar sinadarai. Ina tsaye a gefe, kuma wallahi abin da na ji a minti biyar ɗin nan har yau bai fita daga kaina ba. Wannan ne ya ba ni ƙarfin halin rubuto maka.

Roƙona shi ne, idan Malam zai sami ko da minti ashirin, ya sake bi da ni ta wannan misalin da Hausa, a hankali, tun daga ma'anar mol. Na san da Turanci zan rubuta jarrabawa, ba kuma ina neman a sauya harshen lacca ba ne. Idan na fahimci abin da harshena, mayar da shi Turanci ba zai gagare ni ba. Ba ni da lacca ranar Laraba bayan ƙarfe 2, da Alhamis da safe kafin ƙarfe 11, amma duk lokacin da ya yi wa Malam daidai zan zo ofis. Akwai ɗalibai uku da ke fama da wannan matsalar, sun ce in Malam ya yarda za mu zo tare, don kada a yi ta maimaita maka abu ɗaya. Gwajinmu saura mako biyu, ina so in fara yin tambayoyin atisaye da kaina kafin lokacin.

Na haɗa hoton shafin da na yi lissafin, da kuskuren da komai, don Malam ya ga inda nake karkacewa.

Na gode ƙwarai. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Ɗalibarka,
Fa'iza
Aji ɗaya, rukunin Talata da safe