Shirin darasi: Ina ruwan Tafkin Cadi yake tafiya? (ajin sankiyem, Kusiri)

Malama, ga shirin da kika ce in sake rubutawa. Asalinsa laccar da na gabatar wa abokan karatuna ce a Marwa kafin a raba mu istaj, wato koyarwar gwaji a makarantu: minti 90, shafukan majigi 34, taswira shida. A can an tafa mini. Da na karanta miki ita ranar Alhamis kika ce, "Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai bi ka zuwa shafi na uku, daga nan sai ya koma kallon taga." Na ji zafin maganar a ranar, amma na zauna na yanke. Tarihin Hukumar Tafkin Cadi da aka kafa a 1964 ya fita, haka batun jawo ruwa daga kogin Ubangi, da dogon bayani kan madatsar Maga. Na bar tambaya ɗaya, shafuka bakwai, da faranti ɗaya. A aji da Faransanci zan rubuta a allo kamar yadda aka saba. Na tsara shi da Hausa ne don da ita nake fara tunani, kuma da ita yara da dama za su fara ba ni amsa.

Fanni: Labarin ƙasa. Aji: sankiyem, shekara ta biyu a sakandare, ɗalibai 78. Lokaci: minti 55, Talata, bayan hutun tsakar rana.

Abin da nake so yaro ya iya kafin a kaɗa ƙararrawa: ya nuna tafkin da kogunan Shari da Logon a taswira, ya faɗi da bakinsa inda ruwan ke fitowa da inda yake tafiya, kuma ya kawo dalilin da ya sa tafkin ke girma wata shekara, ya tsuke wata.

Kayan aiki: majigin da na aro, faranti mai faɗi, kofin shayi mai zurfi, gorar ruwa, tef ɗin awo na tela, alli mai launi. Na kuma zana shafukan bakwai a manyan takardu, don wuta a nan ba ta da alkawari, musamman da zafin Maris.

Tun da safe: ƙarfe bakwai da rabi, ni da shugaban aji za mu zuba ruwa daidai wa daida, rabin kofi, ɗaya a faranti ɗaya a kofin, mu ajiye su a rana inda awaki ba za su kai ba.

Buɗe darasi (minti 5)

*Shafi na 1: hoton gadar Ngeli, ba rubutu.*

Zan tambaya: "Wa ya taɓa haye wannan gadar?" Kusan kowa zai ɗaga hannu, don babu ɗan Kusiri da ba ya da wani a Injamena. Sai in ce: "Ruwan da ke wucewa ƙarƙashinta, ina ya nufa?" Wasu za su ce teku. Ba zan gyara ba. Zan rubuta duk amsoshin a gefen allo, da masu kyau da marasa kyau, mu dawo musu a ƙarshe.

Daga ina ruwan yake zuwa (minti 8)

*Shafi na 2: taswira ɗaya. Rubutu: "Ƙasashe huɗu: Kamaru, Cadi, Nijar, Nijeriya."*

*Shafi na 3: taswirar dai, da koguna. Rubutu: "Kashi 9 cikin 10 na ruwan koguna da ke shiga tafkin daga Shari da Logon yake."*

Yarinya ɗaya za ta fito ta bi Logon da yatsa daga tsaunukan Adamawa zuwa nan, yaro ɗaya ya bi Shari daga Afirka ta Tsakiya. Inda yatsunsu suka haɗu zan ce su karanta sunan garin. Garinsu ne. A lacca na ɓata minti goma a kan wannan haɗuwa, a nan yatsu biyu sun isa. Zan nuna Komadugu Yobe da ke shigowa ta arewa maso yamma, a taƙaice. Abin da za su rubuta a littafi layi ɗaya ne: ruwan tafkin yawancinsa ruwan sama ne da aka yi can kudu, nesa da mu. Shi ya sa kogi yake kai maƙurar cikarsa a wajen Oktoba da Nuwamba, bayan damina ta ɗauke a nan.

Ina yake tafiya (minti 12)

Wannan ne zuciyar darasin, kuma majigi a kashe yake. Shugaban aji zai shigo da farantin da kofin. Mu juye abin da ya rage a kowanne cikin gora, mu sa alama. Na gwada sau biyu a gidan da na sauka: na farantin yana raguwa ƙwarai, na kofin da kyar ake ganin bambanci. Tambayar da zan jefa musu ita ce, "Rana ɗaya ce ta doke su, ruwa ɗaya muka zuba. Me ya raba su?" Su tattauna da na kusa da su na minti biyu. Ba zan ce a raba rukuni-rukuni ba, don a aji mai mutum 78 jan benci kaɗai zai cinye darasin.

Amsar da nake jira: faranti ya shimfiɗa ruwansa ga rana da iska. In wani ya ce "kamar yadda ake shanya wanki", to ya gane fiye da wanda ya haddace kalmar littafi, kuma zan faɗa masa haka a gaban kowa. Sai bayan sun samo abin da kansu zan ba su sunansa, tashin ruwa ya zama tururi, in rubuta kalmar Faransancin a allo.

Daga nan sai bango. Da tef ɗin tela zan auna mita biyu daga ƙasa in ja jan layi: wannan shi ne kimanin ruwan da rana da iska ke ɗauka daga saman tafkin a shekara. Sai layi shuɗi ƙasa da rabin mita: ruwan saman da ke sauka a kansa bai kai nan ba. Zan kira yaron da ya fi kowa tsawo ya tsaya tsakani. Gibin da ke tsakanin layukan biyu, wa ke cike shi? A nan nake so su juya da kansu su ce Shari da Logon.

*Shafi na 4: "Tafkin Cadi faranti ne: faɗi da yawa, zurfi kaɗan. Babu kogin da ke fita daga cikinsa."*

In wani ya tambayi me ya sa ruwan ba ya da gishiri kamar na teku, zan ce wani ɓangarensa yana tsiyaya ƙarƙashin ƙasa yana tafiya da gishirin, in tsaya a nan. A lacca wannan ya ci shafuka uku.

Girma da tsukewa (minti 10)

*Shafi na 5: hotunan tauraron ɗan Adam biyu, gefe da gefe. Rubutu: "1963: kimanin murabba'in kilomita 25,000. Tsakiyar shekarun 1980: bai kai 2,000 ba."*

Waɗannan alƙaluma ba sa shiga kan yaro, ni ma sai da na daɗe. Saboda haka ɗalibai 25 za su miƙe tsaye, kowanne a matsayin dubu ɗaya. Zan ce, "An yi fari a 1972 da 1973," wasu su zauna. A nan zan nuna yadda tafkin ya rabu gida biyu, kwarin arewa da kwarin kudu. "An sake yin fari a 1983 da 1984," sai a ci gaba da zama har a bar mutum biyu a tsaye. Zan yi shiru kaɗan su kalli biyun nan.

Akwai tarko a wannan wurin, Malama, kuma laccata ta faɗa cikinsa. Na gabatar da tafkin kamar mai jinya da ake jiran mutuwarsa. Yaran nan kuwa sun ga ambaliyar 2022 da ta 2024 da idonsu, wasu ma a tanti suka kwana. Dole ɗaya ya ce, "Malam, in ruwa na ƙarewa, me ya sa ya shigo gidanmu?" In ba wanda ya tambaya, ni zan tambaya. Sai in sa wasu daga cikin waɗanda suka zauna su sake miƙewa: tun daga shekarun 1990 ruwa ya dawo a wurare da dama, ko da yake bai koma girmansa na 1963 ba. Faranti ne, ƙarin ruwa kaɗan yana mamaye fili mai yawa, ragi kaɗan yana barin fili mai yawa. Batun noman rani zan ambata shi da jimla ɗaya, in jaddada cewa fari shi ne babban dalilin tsukewar.

Mutanen bakin ruwa (minti 8)

*Shafi na 6: hotuna uku, masunci a kwalekwale, gonar masara a inda ruwa ya ja, shanun kuri masu manyan ƙahoni. Rubutu: "In ruwa ya ja, wa ya samu, wa ya rasa?"*

Su amsa da abin da suka sani. Akwai waɗanda iyayensu ke sayar da banda a kasuwa, akwai masu dangi a Bilanguwa da Darak. Mutum ɗaya yakan yi su a wani lokaci, ya shuka masara da wake a wani, ya danganta da inda ruwa ya tsaya. Kin gargaɗe ni cewa a cikin ajin akwai yaran da rashin tsaro ya taso da su daga bakin tafki. Ba zan nuna kowa da yatsa in ce ya ba mu labarin garinsu ba. Wanda ya so magana zai ɗaga hannu.

Aunawa (minti 7)

*Shafi na 7: tambayoyi uku.*

1. Rubuta sunan koguna biyu da ke haɗuwa a Kusiri.
2. Me ya sa ruwan faranti ya fi na kofi saurin raguwa?
3. An yi shekara biyu ruwan sama ya yi ƙaranci a Adamawa da Afirka ta Tsakiya, amma an samu damina mai kyau a Kusiri. Tafkin zai girma ko zai tsuke? Kawo dalili.

Ta ukun ce ma'aunina. Wanda ya ce zai tsuke, kuma ya ambaci koguna, ya kama darasin. Su rubuta a yagaggen shafi, shugaban kowane layi ya tattara. In waɗanda suka samu ba su kai rabin aji ba, ranar Juma'a zan koma bangon nan kafin in shiga sabon babi.

Rufewa da aikin gida (minti 5)

Mu koma amsoshin farko da ke gefen allo, su da kansu su zaɓi waɗanda za a goge. Wanda ya ce teku shi zan miƙa wa tsumman gogewa, in yana so.

Aikin gida: kowa ya tambayi wani babba a gidansu, kaka ko baba ko inna, shekarar da ya fi tunawa kogi ya cika ko ya ja, da abin da mutane suka yi a lokacin. A rubuto layi biyar, da sunan wurin.

In lokaci ya ƙure, shafi na 6 zan matsar zuwa Juma'a. Ina roƙon ki duba mini ko minti 12 za su ishi farantin da bangon tare, don ban taɓa gwada su da yara a gabana ba.