Takardar Tura Mara Lafiya: Sadiya Haruna, 'Yar Shekara 6

Ɗakin duba yara,
Asibitin unguwa, Unguwar Rogo, Jos.
14 ga Janairu, 2025.

Zuwa ga Babban Likitan Ƙirji na Yara,
Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Lamingo.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan an shiga sabuwar shekara lafiya, na turo maka wannan yarinya ne saboda ina kyautata zaton tarin fuka ke damunta, duk da gwajin da muka yi bai nuna ƙwayar cutar ba. Da wannan ne kaɗai, da na ɗora ta a kan magani a nan. Abubuwa biyu suka hana ni: tarihin wanda nake zaton a wurinsa ta ɗauka, da abin da na gani a hoton ƙirjinta.

Tarin ya fara ne a farkon Nuwamba, yanzu mako 10 ke nan. Da farko busasshe ne, daga baya ya koma mai majina, sai dai ba ta iya tofarwa, haɗiyewa take yi. Ba a taɓa ganin jini ba. Ba ya zuwa a jere har ya sa ta amai, kuma babu wanda ya ga ta shaƙe da gyaɗa ko wani abu kafin ya fara. Zazzaɓi yana zuwa da yamma, ba mai zafi sosai ba, ya sauka kafin gari ya waye.

Gumin dare ne ya fi ɗaga wa mahaifiyarta hankali, ni ma shi ya fi tsaya mini a rai. Ka san yadda hunturun Jos yake a Disamba da Janairu, kowa da bargo biyu. A cikin wannan sanyi yarinyar ke jiƙa riga da matashi sharkaf, har sai an tashi tsakar dare an canja mata kaya, alhali ƙanenta da ke kwance gefenta a bushe yake kwana.

Ramar ba a baki kawai take ba, tana rubuce a katinta. A watan Satumba da aka kawo ta da ciwon kunne, nauyinta kilo 17.5 ne. Yau 15.2. Ba ta son abinci, sai ɗan kunu da shayi. Ta daina fita wasa, kuma ba ta koma makaranta ba tun da aka dawo hutu.

Kafin su zo wurinmu an sha magani iri-iri. An saya mata maganin tari da na zazzaɓin cizon sauro a wani kemis, sannan aka ba ta sifurofulokzasin na kwana 5 a cikin Disamba. Mahaifiyar ta zo da kwalin, na gani da idona. Tarin ya ɗan lafa bayan haka, ya sake dawowa, kuma wannan lafawar ba ta kwantar mini da hankali ba, tunda irin wannan magani yana taɓa ƙwayar tarin fuka ba tare da ya kashe ta duka ba. An kuma yi jiƙe-jiƙen gida da zuma da citta. Mu a nan mun ba ta amoksisilin na kwana 7 daga 30 ga Disamba, babu wani sauyi.

Sai batun kawunta, ƙanin mahaifiyarta, ɗan shekara 31, mai haƙar kuza a wajajen Barkin Ladi. Ya zauna a gidansu daga Yuni zuwa Satumba yana jinya, a falon da yaran ke wuni yake kwana. Sai da na tambaya sau da yawa mahaifiyar ta faɗa mini cewa an taɓa ba shi maganin tarin fuka, ya sha kamar wata 2, da ya ji sauƙi ya koma ramin kuza. Daga baya an sake ɗora shi, ya sake yankewa. Ba ta san ko an taɓa duba ko ƙwayar tasa tana jin rifamfisin ba. Yanzu ya koma ƙauye, kuma ta ce har yau yana tari. Na haɗa jami'inmu mai bin diddigin masu tarin fuka da iyalin don a nemo shi a karɓi majinarsa, domin sakamakonsa zai iya sauya maganin da ya dace da Sadiya.

Ba ta da tarihin asma, babu mai ita a gidan. Ba ta da sikila, jininta AA ne. An yi mata rigakafin yara duka, tabon allurar tarin fuka yana nan a damtsen hagu. Ba a san wani magani da jikinta ke ƙi ba.

Da na duba ta yau: ta rame, ta ɗan ɗashe, amma tana cikin hayyacinta, tana amsa tambaya. Zafin jiki 37.9, numfashi 32 a minti, bugun zuciya 108, iskar oksijin a jini kashi 95 cikin 100 ba tare da an sa mata komai ba. Tsayinta santimita 110. Ƙafa ba ta kumbura ba. Akwai kaluluwa biyu a gefen wuya na dama, babbar ta kai santimita 2, ba sa ciwo, sun manne da juna. Iska ba ta shiga sosai a tsakiya da ƙasan huhun dama, kuma akwai ɗan fito a wannan ɓangaren kaɗai, wanda bai tafi ba bayan shaƙar salbutamol. Zuciya lafiya, hanta da saifa ba su kumbura ba, wuya bai sanƙare ba, ƙashin baya a miƙe yake.

Gwajin ƙanjamau bai nuna komai ba, ita da mahaifiyarta. Babu zazzaɓin cizon sauro. Yawan jininta kashi 29 ne. Gwajin fata na Mantu ya tashi milimita 16 bayan awa 72. Da yake ba ta iya fitar da majina, bayan gidanta muka tura aka duba da GeneXpert ranar 8 ga wata, ba a ga ƙwayar ba. Ban ɗauki wannan a matsayin an wanke ta ba, tunda ƙwayar kan yi ƙaranci a jikin yara.

Hoton ƙirji na ranar 9 ga wata yana hannun mahaifinta. A karatuna, kaluluwar gindin huhun dama sun kumbura, kuma sashen tsakiya na huhun ya yi kama da wanda ya lotse. Ina tsoron kaluluwar ce ke matse hanyar iska. Idon da ya fi nawa gogewa ya kamata ya duba shi, don ban cire sankarar kaluluwa daga lissafi ba, ko da yake tana can ƙasa a zatona.

Roƙona shi ne ka duba ta da wuri, a cikin makon nan in da hali. A taimaka a samo majina ta hanyar turara mata ruwan gishiri ko zuƙo ruwan ciki da sassafe, a sake gwadawa har da shukawa, a kuma tsotso kaluluwar wuyan da allura idan ka ga ya dace. Ina kuma neman hukuncinka: mu fara magungunan nan huɗu na wata 6 yanzu, ko mu ɗan jira sakamakon kawun? Ni dai a ganina yanayin huhun ya wuce a yi mata gajeren tsarin wata 4, kuma ba ta da sauran nauyin da za ta yi asara ana jira.

A yanzu farasitamol kawai take sha idan zazzaɓi ya taso, mun kuma yi wa mahaifiyar bayanin abinci mai gina jiki. Ƙanenta ɗan shekara 3 da jaririya 'yar wata 8 muna duba su gobe. Ban so in fara musu maganin kariya ba sai na ji ra'ayinka a kan wanda ya dace, saboda wannan shakku na kawun.

Mahaifinta ɗan acaɓa ne, kuma kuɗi na cikin abin da ya jinkirta zuwansu. Na shaida masa cewa maganin tarin fuka kyauta ne, amma hoto da wasu gwaje-gwaje za su iya cin kuɗi. Idan za a haɗa abin da ake buƙata a zuwa ɗaya, zai rage musu wahala. Mahaifiyar Hausa kawai take ji, kuma ta roƙi kada a yi maganar kawun a gaban dangin mijinta. Na gaya musu idan numfashi ya yi wuya, ko ta fara amai da ciwon kai, ko barci ya yi mata yawa, su wuce sashen gaggawa na yara ko da tsakar dare ne.

Idan an tsayar da magani, a shirye muke mu riƙa ba ta a nan kusa da gida, muna auna ta duk wata muna aiko maka da bayani.

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma.

Taka,
Dakta Bilkisu Adamu,
Likita mai duba yara.