Wasiƙa zuwa ga Malam Habibu kan jinkirin ƙasidun walimar sauka

Ringim, Jihar Jigawa
Talata, 14 ga Janairu, 2025

Zuwa ga Malam Habibu,
Sankara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah gafarta Malam, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da malamai da ɗalibai baki ɗaya. Ya sanyi, ya kuma shirye-shiryen walima? Allah ya kai mu lafiya.

Na yi maka alkawarin kawo ƙasidu ukun nan ranar Alhamis 9 ga wata, ga shi har yau ba su zo ba. Ka yi haƙuri. Na so in yi bayani a waya, to ka san yadda sabis yake a wajenku, magana ba ta ƙarewa sai ta tsinke, shi ya sa na rubuto na ba Lawan direba ya miƙa maka hannu da hannu.

Ƙaramin akwatin nan da ke kan teburina, wanda kake ganin ina murɗa maɓallansa in yara za su fara, shi ne ya lalace. Mu a sana'a sawunkad muke ce masa. Muryar da ta shiga makirfo ta cikinsa take bi, shi yake ƙara mata ƙarfi ya mayar da ita abin da kwamfuta za ta iya ajiyewa, kuma ta cikinsa sautin yake dawowa zuwa sifikun da nake saurare da su. Makirfon da muka yi aiki da shi ma ba ya tashi sai akwatin ya ba shi wuta, in na danna maɓallin da aka rubuta 48V a jikinsa. Idan ya tsaya, ɗauka ta tsaya, haɗa sauti ma ya tsaya.

Ƙasidar maraba da ta godiya ga iyaye lafiyarsu ƙalau, domin tun yana da lafiya muka ɗauke su. Matsalar tana cikin ta uku, wadda ake jero sunayen masu sauka. Ranar da muka ɗauke ta ban ji komai ba, ɗakin cike da yara, ga ƙarar janareto a waje. Sai da na zauna da daddare zan fara haɗawa na ji wani ƙas-ƙas yana ratsa amshin 'yan matan, a wasu wuraren kuma sautin ya ɗauke na ƙiftawar ido ya dawo. Washegari kwamfuta ta fara ganin akwatin tana rasa shi, daga baya ta daina ganinsa gaba ɗaya.

Na canza wayar USB, na canza ramin da nake sokawa, na sake saka manhajarsa, na gwada shi a kwamfutar wani abokina, duk labari ɗaya. Da na kai shi wajen mai gyara a Sabon Gari, Kano, ya buɗe ya nuna mini inda ya ƙone. A ganinsa wuta ce ta yi tsalle ta biyo ta cajar kwamfuta, ga kuma ƙurar hunturu da ta cika cikinsa. Ya ce ɗan abin da ya ƙone sai an aiko daga kasuwar Alaba a Legas, kuma bai ɗaukar mini alkawarin rana ba. Ban tsaya jira ba, na sayi wani na hannu a nan kasuwar, muka gwada shi a gabana. Tun da na dawo nake ɗaukar muryata da shi ina saurare, ban ji komai ba. Na kuma sa sitabilaiza tsakanin janareto da kayan aikin.

Na san za ka ce, to me ya hana a goge ƙarar da kwamfuta? Akwai irin wadda ake iya ragewa: shuuu ɗin da ke tafiya bai-ɗaya daga farko har ƙarshe, kamar ta fanka. Wannan ba irinta ba ce. Ta shiga cikin muryar ne tun lokacin ɗauka, kuma inda sautin ya ɗauke babu abin da ya shiga kwamfuta, balle a gyara. Na gwada tacewa, ƙas-ƙas ɗin ya ragu, amma muryoyin yaran suka koma siriri, daɗinsu ya tafi. A baiti na huɗu rabin sunan yarinya ɗaya ya ɓace, a addu'ar rufewa kuma akwai harafin da ya faɗi daga cikin Larabcin. Kai da kake tsayar da ɗalibi kan madda ɗaya, na san ba za ka karɓi wannan ba.

Da waƙar biki ce mai fiyano da ganga, wallahi da yawa a cikinmu za su lulluɓe ta da kiɗa su miƙa, mai ita ba zai taɓa ganewa ba. Taku kuwa murya ce zalla, yadda ka ce a yi, babu abin da aibi zai ɓuya a bayansa. Kuma ba a waya kaɗai za a ji ta ba. Ranar walima a manyan lasifiku za a sa ta, a filin makaranta, gaban iyaye da baƙi, kuma lasifika ƙara girman aibi take yi. Uwar da ta zo tana jiran ta ji sunan 'yarta, ba na so ta ji rabinsa.

Don haka ga abin da nake roƙo. Tunda Alhamis babu karatu, a kawo mini yaran jibi, 16 ga wata, da ƙarfe tara na safe, mu sake ɗaukar ta ukun kawai. Ba sai duk sun zo ba: mai bayarwa da 'yan amshi shida sun isa, tare da Malama Sa'adatu, don ta fi kowa iya tsayar da su kan kari. In sha Allahu kafin azahar mun gama. Kuɗin motar zuwa da komawa a kaina yake, na riga na yi magana da Lawan. A ce musu su sha ruwan ɗumi kafin su fito, sanyin nan yana dusashe murya. A kuma taho mini da takardar sunayen nan 23 da rubutunka, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai wanda aka ƙara ko aka gyara tun wancan zuwan, dama ce ta samu.

Biyun farko na gama haɗa su jiya da sabon akwatin, suna cikin memorin da ke cikin ambulan ɗin nan. Ka saurara, in akwai abin da bai yi maka ba ka faɗa mini ranar Alhamis. Dukkan ukun zan kawo maka da kaina ranar Litinin 20 ga wata, a filas: WAV don mai lasifika, MP3 kuma don turawa iyaye ta WhatsApp. Walima Asabar ce 25 ga wata, ka ga akwai sarari. Idan mai lasifikar zai samu zuwa ranar Litinin ɗin da yamma, zan so mu gwada a filin tun kafin ranar.

Batun kuɗi kuma, ₦40,000 da ka bayar tana nan a rubuce. Sake ɗauka babu ko kwabo a kanka. Cikon ₦20,000 kada ka ba ni sai ka ji aikin ka gamsu. Idan kuma Alhamis ba za ta yiwu ba, Juma'a da safe ma ina nan, sai dai mu fara da wuri saboda masallaci. Ka ba Lawan amsa in zai juyo, ko ka sa a kira ni bayan magariba.

A gaida Malama Sa'adatu da sauran malamai. Allah ya sanya albarka a karatun yaran, ya saka muku da alheri.

Wassalam.

Ɗalibinka,
Sadisu mai situdiyo