Amsata, Baban Nafisa

Assalamu alaikum, Baban Nafisa. Ina fatan ka tashi lafiya, ya kasuwa.

Na saurari muryoyin da ka turo daren jiya, dukansu, har na ƙarshen da ka ɗaga murya a cikinsa. Ban amsa a lokacin ba domin da ni da kai babu wanda ke cikin halin sauraro. Na bari sai da na yi sallar asuba, Nafisa ta tafi lakkol, sannan na zauna rubutawa. Na zaɓi rubutu a kan murya don ka iya karantawa a natse, ka sake karantawa in ka so.

Ban ci amanarka ba. Babu komai tsakanina da Mushe Idi, babu kuma tsakanina da wani namiji, ko a aikace ko a waya.

Wanda ya ce maka ya gan ni a bayan moto ɗinsa daren Alhamis bai yi ƙarya ba, ni ce. Abdu ne jikinsa ya yi zafi tun la'asar, bayan isha ya fara jijjiga, idanunsa suka juye. Na kira ka, salularka a kashe. Na goya shi na fito bakin hanya, an yi ruwa, babu kabu-kabu ko ɗaya. Mushe Idi ya zo wucewa ya tsaya, na hau, ya sauke mu a ƙofar likita. Suka gwada jinin yaron suka ce zazzaɓin cizon sauro ne, suka sa masa ƙarin ruwa, muka kwana. Da safe ya kira ya tambayi jikin yaro, washegari ya sake kira, na ce da sauƙi, na gode. Iyakar abin ke nan. Zancen likitar ma na faɗa maka ranar Juma'a, ka tambayi kuɗin magani, ka turo.

Na san dalilin da ya sa sunansa ya fi na kowa yi maka zafi. Ya taɓa neman aurena kafin kai, ka sani, unguwa ta sani. Ba zan ce maka hakan bai faru ba. Amma Baba ya tambaye ni, kai na ce, kuma tun da aka ɗaura a 2016 ban waiwaya ba. A daren nan kuwa, da yaro a bayana yana sanƙarewa, ban tsaya duba wa ke riƙe da kan moto ba. Ko yau aka maimaita, hawa zan yi.

Ba zan ƙara bayani a kan wannan ba. Ba don ina ɓoye wani abu ba, sai don babu sauran abin faɗi. In na yi ta jero maka wa ya gan ni, ƙarfe nawa na fita, wa zai shaide ni, kowace amsa wata tambayar za ta haifar, mu wayi gari kana alƙali ina mai laifi. Ba na son zamanmu ya koma haka. Katin likitar Abdu yana cikin akwatina, da kwanan wata a kai. In ka zo ka so gani, ka ɗauka ka duba.

Ka ce in ɗora hannu a kan Alƙur'ani in ɗauki bidiyo in turo maka. Wannan kam ba zan yi ba. Ba tsoron rantsuwa nake ba, Allah ya san abin da na yi da wanda ban yi ba. Amma ba zan mai da littafin Allah abin aikawa a WhatsApp saboda maganar mutumin da ko sunansa ka ƙi faɗa mini ba. Ka fi ni sani, a Suratul Hujurat an ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi, an kuma ce a nisanci yawan zato. Shi kuma mai kai maka zance, in ya san nauyin abin da yake jefa matar aure da shi, shaidu huɗu Suratun Nur ta nema a wurinsa. Abin da ya gani mace ce da goyo a kan moto cikin ruwa. Da ya bi mu kaɗan da ya ga inda muka sauka. Ban tambaye ka ko wane ne ba, kuma ba na buƙatar sani, don kada in riƙa kallon maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ina zargi.

Maganarka ta yi mini ciwo, ba zan ce ba ta yi ba. Musamman inda ka ce dama ka daɗe kana zargi. Kana Yamai a Katako cikin rana da ƙura, ina Tawa da yara da Inna, sai salla zuwa salla muke ganin juna. Na san nisa yana sa zuciya saƙe-saƙe. Ni ma akwai daren da nake kira ba ka ɗauka ba, zuciya ta kawo mini abubuwa, in kore su, don na san wanda na aura. Irin wannan kyautata zaton nake nema a wurinka. In akwai abin da ka daɗe kana ajiyewa a ciki, ka faɗa mini shi kai tsaye, zan saurara, zan kuma ba ka amsa ta gaskiya ko da ba za ta yi maka daɗi ba.

Abu biyu nake roƙo. Kada ka furta kalmar da ka kusa furtawa jiya alhali kana cikin fushi, ka san ba a wasa da ita, kuma in ta fita ba ni kaɗai za ta taɓa ba. Sannan kada ka kai wa Inna zancen nan yanzu. Hawan jininta bai daɗe da sauka ba, kuma ita ce ta zauna da Nafisa daren da muka kwana likita, in ta ji abin da ake faɗa ba za ta yi barci ba. Ni ma ban gaya wa kowa a gidanmu ba. Ba zan yi yaji ba, ina ɗakina.

In kasuwa ta ba ka dama, ka zo. Motar asuba daga Yamai, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, tana shigowa Tawa tun da sauran rana. Kwana ɗaya ma ya isa mu zauna mu kalli juna mu yi magana. In bayan mun zauna har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, sai mu kira Kawu Sani, tun da shi ne waliyyina, ya ji daga bakinka ya ji daga nawa. In kuma zuwan ba zai yiwu a satin nan ba, ka kira ni bayan isha, lokacin yara sun kwanta. Zan ɗauka. Amma in aka koma ga zagi irin na jiya zan ajiye wayar sai ka huce, ina faɗa maka tun yanzu don kada ka ɗauke shi raini.

Jika goman da ka turo ta Nita na karɓa, na sayi maganin Abdu, sauran na ƙara a kan hatsi. Ya fara shan fura da kunu, jiya har ya fita wasa. Ranar Litinin za mu koma a sake duba shi.

Maman Nafisa