Wasiƙa zuwa ga jami'in kula da namun daji kan ƙwaron da ke shiga amya

Dabai, ƙaramar hukumar Zuru,
Jihar Kebbi.
2 ga Yuni, 2025.

Zuwa ga Jami'in Kula da Gandun Daji da Namun Daji,
Shiyyar Zuru.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali? Allah ya taimaka.

Ni mai kiwon zuma ne, gado na yi wurin mahaifina, yau shekara 26 ina ɗora amya. Ina da guda 34, 22 na ciyawa a kan ɗorawa da kaɗanya, sauran na katako. Ga hoto nan na haɗo da wasiƙar nan, na wani ƙwaro da ya addabe mu tun saukar ruwan farko. Yarona ne ya ɗauka da waya muka wanko a Zuru. Tsinken ashanar da ka gani a gefensa mu muka ajiye don ka gane girmansa: ya kai rabin tsinken.

Maƙiyan zuma ba baƙina ba ne. Na san ɓarnar dage, na san kwarkwasa, na san rina da ke tsayawa bakin amya tana cafke kudan zuma. Na san tsutsar nan mai cin kaki ta bar yana, da ƙaramin ƙwaron nan mai kamar ƙwayar wake da ke sa zuma ta yi tsami tana kumfa. Wannan ba ko ɗaya daga cikinsu. Baƙi ne wuluk, yana sheƙi, bayansa a ɗan baje, ƙafa shida, kamar buzuzu amma bai kai shi kumburi ba. Da tashi yake zuwa, ya sauka bakin amya, ya shige kai tsaye kamar gidan ubansa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kudan zuma ba su iya masa komai. Ran Talata da yamma na buɗe wata amyar katako na tsaya ina kallo: sun yi masa caa, sun rufe shi har ba a ganinsa, shi kuwa yana tafiyarsa. Harbi ba ya huda shi. Da na danna shi da babban yatsa sai na ji kamar ƙwallon dabino. Kuma ba saƙar zuma ya fi nema ba, wurin 'ya'ya yake dosa. Na ɗago saƙa guda na tarar an ƙwaƙule ta rami-rami, fararen 'ya'yan a tsattsage. A wannan amya kaɗai na tsince 17. Zuwa yau amya biyar sun tashi sun bar mini kango, har da wadda ta ba ni galan biyu a watan Maris.

Akwai abin da na lura da shi. Amyoyin da suka fi shan wahala su ne na kusa da inda shanu suka yi rani. Na tona tsohon kashin shanun na tarar da gwazarma da yawa a ƙasa. Ban faɗa wa kowa ba sai kai, don ka san yadda magana take a ƙasar nan, kada a mayar da zancen ƙwaro rigimar manomi da makiyayi. Mu kanmu da kashin shanu muke shafe amya.

Dabarar da na yi ita ce na rage bakin amyoyin katako da gwangwani, na bar ƙofar da kudan zuma kaɗai zai wuce. Shigarsa ta ragu sosai, sai dai na ciyawa da ke can saman bishiya ba kullum ake hawa ba, ga shekaru.

Gaggawar da ta sa na rubuto ita ce maƙwabtana sun fara zancen fesa maganin ƙwarin wake a bakin amya. Ɗaya ya riga ya yi, washegari ya share kudan zumarsa da tsintsiya. Wannan zumar kuwa kasuwa za ta, yara su sha. Na roƙe su su dakata kwana goma, na ce zan kawo musu magana daga hukuma.

Don haka, ranka ya daɗe, ina roƙon ka duba hoton ka gaya mana sunansa da inda yake hayayyafa, ko ɗan ƙasa ne da ya yi yawa bana ko baƙo ne. In sai an kai wa masana ƙwari a jami'a, na ajiye guda takwas cikin kwalba da sifirit ɗin kemis, zan kawo ofis da kaina ranar da ka ce. In kuma za ka turo wani ya gani da ido, ya zo da yamma bayan la'asar, ina da rigar shiga zuma guda biyu da abin hayaƙi. Yaron da ya kawo wasiƙar ya san hanya, zai jira amsa.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka,
Mai amya na Dabai.